Yadda Ake Gane Matsalar Tarbo da Tuƙi Lafiya Idan A-kori-kurar Dizal Ta Shiga Ɗingishi

Idan a-kori-kura mai injin dizal ta yi sanyi farat ɗaya, fitilar injin ta kama a dashbod, ka taka totur har ƙasa amma allurar juyin injin ta ƙi wuce wani mataki, to kwamfutar injin ce ta rage man da take ba shi da gangan. Ta yi hakan ne saboda matsin iskar da tarbo ke turawa bai yi daidai da wanda ta nema ba, ko dai ya gaza ko kuma ya yi yawa. Wannan yanayi shi ne ɗingishi, kuma shi kansa ba lalacewa ba ne, kariya ce. Abin da ya kamata direba ya tantance tun yana gefen hanya shi ne ko iska ce kawai ke zurarewa, wanda ake iya lallaɓa mota da shi har gareji, ko kuwa tarbon ce ke mutuwa, wanda ci gaba da tafiya da shi na iya cinye injin gaba ɗaya.

Kayan aikin da za ka tanada

Kana buƙatar tocila mai haske sosai, da tsumma mai tsabta, da safar hannu, da sukundireba, da filaya, da ƙananan sifanu masu lamba 7 da 8 da 10, domin yawancin kilif ɗin tiyon iska da waɗannan ake kwance su. Ka ƙara da kilif ɗaya ko biyu na ajiya, da tef mai ƙarfi, da ruwan sabulu a cikin gora, da feshin wanke kayan lantarki, da lita ɗaya ta irin baƙin man da injinka ke sha. Abu mafi amfani a cikinsu duka shi ne ƙaramar na'urar karanta kwamfutar mota, wadda ake soka wa a ramin `OBD2` da ke ƙarƙashin sitiyari. Idan babu ita aikin ba zai tsaya ba, domin ido da kunne suna gano kaso mai yawa na irin wannan matsala, sai dai za ka ɗauki lokaci fiye da mai ita.

Abin da ya kamata ka sani game da tarbo

Hayaƙin da ke fita daga injin ne ke juya farfela ɗaya, ita kuma ta juya wata farfelar da ke kan sanda guda da ita, wadda ke zuƙo iska ta matse ta. Iskar tana bi ta cikin tiyo zuwa intakula domin ta huce, sannan ta bi wani tiyon ta shiga injin. Sandar nan tana juyi fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, kuma a kan baƙin mai take shawagi. Kwamfuta tana auna matsin ta hanyar sensa da ake kira `MAP`, tana kuma sarrafa shi ko dai ta wata ƙofa da ke sakin hayaƙi, ko ta wasu ƙananan fikafikai masu buɗewa da rufewa a cikin tarbon, waɗanda su ne a yawancin sabbin motoci. Duk inda aka sami matsala a kan wannan layi, alamar da direba zai fara gani iri ɗaya ce.

Mataki na 1: Ka fita daga hanya, ka riƙe abin da ya faru

Da zarar ƙarfi ya yanke, ka kunna sigina duka huɗu, ka koma gefe a hankali, ka nemi wuri shimfiɗaɗɗe wanda masu tahowa za su hango ka daga nesa. Kada ka kashe makulli kana cikin tafiya don ka dawo da ƙarfin motar, domin sitiyari zai yi nauyi, birki ma zai yi tauri bayan taku ɗaya ko biyu. Idan injin yana aiki lami lafiya ba tare da wata baƙuwar ƙara ba, ka bar shi a silo na minti biyu domin tarbo ta huce kafin ka kashe.

Kafin ka manta, ka tambayi kanka abubuwa uku. A wane hali abin ya faru, kana hawan tudu da kaya ne, ko kana ƙoƙarin wuce wata mota, ko kuwa kana tafiyarka a hankali? Wace ƙara ka ji kafin nan? Wane irin hayaƙi ka gani a madubi? Amsoshin nan sun fi wa bakanike amfani fiye da ka ce masa kawai motar ba ta da ƙarfi.

Mataki na 2: Ka bincika alamun da ke hana tafiya

A nan ne hukuncin yake, don haka kada a yi gaggawa. Ka fara da launin hayaƙi. Baƙin hayaƙi yana nufin dizal ya fi ƙarfin iskar da ke shiga, kuma shi ne abin da ake gani idan tiyo ya fashe. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ko toka-toka mai kauri, mai warin ƙonannen baƙin mai, yana nufin injin yana cin man jikinsa, kuma sau da yawa daga tarbo yake zuwa. Na farko ana iya lallaɓawa da shi, amma na biyu a tsaya.

Sai ƙara. Huci mai ƙarfi da ke tashi idan an taka totur, ya kuma lafa idan an ɗaga ƙafa, na zurarewar iska ne. Kuka mai tsini irin na jiniya da ke hawa da sauka tare da juyin injin, ko ƙarar ƙarfe yana gogar ƙarfe, alama ce ta cewa farfela ta fara taɓa jikin gidanta. Idan ta karye, gutsattsarinta za su bi iska su nufi cikin injin.

Bayan injin ya yi kamar minti biyar a kashe, ka zaro sandar auna baƙin mai. Idan man ya ragu sosai ba tare da ka ga yana ɗiga a ƙasa ba, to wani wuri yake tafiya, kuma mai yiwuwa cikin intakula yake taruwa. Idan kuma ya haura layin sama yana warin dizal, nan ma akwai haɗari. Sannan ka tayar da injin ka taka birki. A motoci da dama famfo ɗaya ne ke zuƙe iska domin taimaka wa birki da kuma motsa sandar tarbo ta waje, wadda ke buɗe ƙofar hayaƙin ko fikafikan, saboda haka idan ɗingishi ya zo tare da birki mai tauri, matsalar ta wuce ta rashin ƙarfi, kuma bai dace a motsa motar ba.

Idan ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, ko jar fitilar mai ta kama, ko allurar zafi ta haura, ka kira janwe. Dalilin da ya sa na tsananta a kan wannan shi ne injin dizal yana iya ƙona baƙin mai kamar yadda yake ƙona dizal. Idan man da ya taru a intakula ya kwarara cikinsa, injin zai ɗauki gudu da kansa, hayaƙi ya turnuƙe, ka zare makulli amma ya ƙi mutuwa. Idan hakan ta faru a mota mai kuloci, ka kashe makulli, ka danne birki da iya ƙarfinka, ka sa giya mafi girma, sannan ka saki kuloci domin injin ya shaƙe. Mota mai giyar otomatik ba ta mutuwa ta wannan hanya, sai an toshe mashigar iska da abu mai tauri kamar katako, ko an fesa mata abin kashe gobara mai iskar `CO2`. Kada a taɓa sa hannu ko tsumma a bakin mashigar. Idan ba ka da abin yi nan take, ka janye mutane nesa da motar.

Mataki na 3: Ka karanta lambar matsalar kafin ka goge ta

Idan motar ta tsallake matakin baya, ka soka na'urarka, ka murɗa makulli fitilu su kama ba tare da ka tayar da injin ba. Lambobin da aka fi gani su ne `P0299`, wato matsin ya gaza, da `P0234`, wato matsin ya yi yawa. Daga `P0236` zuwa `P0238` suna nuni ga sensar matsin da wayoyinta, `P0045` da `P0046` kuma ga abin da ke sarrafa sandar tarbo. Ka ɗauki hoton lambar tare da shafin `Freeze Frame`, wanda ke nuna gudun mota da juyin injin a daidai lokacin da abin ya faru. Kuskuren da aka fi yi shi ne a goge lambar, ko a cire kan batir, sannan a isa gareji babu wata shaida.

Lambar ba ta cewa tarbo ta lalace. Abin da take cewa kawai shi ne kwamfuta ba ta ga matsin da ta nema ba. Na sha ganin an sayi sabuwar tarbo saboda `P0299`, aka ɗaura, matsalar ta dawo a hawan tudu na farko domin tsagar tana jikin tiyo tun asali. Haka kuma ba kowane ɗingishi ne na tarbo ba. Idan ka ga `P0087`, matsin dizal ne ya gaza, sai a fara da filtar mai.

Akwai gwaji mai sauƙi da za ka yi tun injin yana kashe. Ka buɗe shafin `Live Data` ka duba abin da `MAP` ke nunawa. Tunda babu abin da ke matsa iska, ya kamata ya yi daidai da matsin iskar waje, wato kusan 100 kPa a ƙasa mai kusa da matakin teku, ko ƙasa da haka kaɗan a wuri mai tudu. Idan na'urar tana nuna `BARO`, wato matsin iskar waje, lambobin biyu su zo kusa da juna. Idan `MAP` ya nuna 60 ko 140 alhali injin bai tashi ba, sensar ce ke ba da labarin da ba daidai ba, ba tarbo ba.

Mataki na 4: Ka bi hanyar iska daga farko zuwa ƙarshe

Ka bari injin ya huce, domin ɓangaren tarbo na wajen hayaƙi yana kai wa ɗaruruwan digiri. Ka fara da filtar iska, ka ciro ta ka haska ta da tocila. Idan ta toshe da ƙura ko ta jiƙe, ita kaɗai ta isa ta hana tarbo samun abin da za ta matsa. Daga nan ka bi manyan tiyo ɗaya bayan ɗaya, daga tarbo zuwa intakula, daga intakula zuwa injin. Kallo kaɗai ba ya wadatarwa, sai ka matsa kowane tiyo da hannu, ka lanƙwasa shi, ka shafa ƙarƙashinsa, domin tsaga takan rufe bakinta idan babu matsi, ta buɗe sai an taka totur.

Baƙin mai zai taimake ka a nan. Iskar da ke cikin tiyon nan tana ɗauke da ɗan tururin mai, saboda haka duk inda take fita sai ta bar baƙin tabo mai maiƙo wanda ƙura ta manne a kai, wani lokaci har ka ga feshinsa a jikin ƙarfen da ke kusa. Ka duba gefunan intakula inda roba ko ƙarfen kai ya haɗu da jikinta, da gabanta inda tsakuwa ke bugu. Idan kana da mataimaki, ya ja birkin hannu, giya tana firi, ya ɗaga juyin injin kaɗan kai kuma kana zuba ruwan sabulu a kan mahaɗai, kana nesa da fanka da bel. Babbar tsaga za ta yi kumfa, amma ƙarama ba lalle ta nuna ba, domin tarbo ba ta yin matsi sosai idan mota na tsaye. Irin wannan sai a gareji, inda ake toshe layin a hura masa iska da kwamfuresa a ƙaramin matsi.

Idan ka cire tiyo ka ga ɗan maiƙo a bangonsa, wannan ba abin damuwa ba ne. Idan mai ya kwararo ya taru a tsumma, ka koma hukuncin mataki na biyu. Wanda ya iya cire tiyon da ke shiga bakin tarbo zai iya kama kan sandar farfelar da yatsu biyu, injin yana kashe, ya gwada ta. Ɗan motsi gefe da gefe daidai ne matuƙar farfela ba ta taɓa bango, amma motsin gaba da baya da ake ji sosai, ko fikafikan farfela masu gutsurewa, sun nuna tarbon ta gama aiki.

Mataki na 5: Ka duba sandar tarbo da sensa

Idan tiyo duk lafiya suke, saura ɓangaren sarrafawa. A jikin tarbo akwai ƙaramar sanda da wani gwangwani ko ƙaramar na'ura ta lantarki ke ja. Idan gwangwani ne, ka bi siririn tiyon da ke zuwa masa, domin zafi yana busar da shi ya tsage a baki, kuma yanke wurin da ya tsage a mayar da sauran yakan isa a kai gida. Idan ta lantarki ce, ka duba soket ɗinta, amma kada ka tura sandar da ƙarfi, kuma kada ka taɓa notin da ke daidaita tsawonta.

Fikafikan cikin tarbo suna maƙalewa da baƙin toka, musamman a motar da ta saba gajerun tafiye-tafiye da yawan tsayuwa a silo. Alamarsu ita ce mota tana lafiya a tafiyar hankali, amma da an matsa mata a babbar giya sai ta faɗa ɗingishi, sau da yawa da `P0234`, a kashe a tayar ta dawo daidai. Wannan ba gyaran gefen hanya ba ne. Sensar `MAP` kuwa noti ɗaya ko biyu ke riƙe ta, kuma toka daga bawul ɗin `EGR`, mai mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin injin, takan toshe bakinta. Ka ciro ta, ka fesa mata feshin kayan lantarki, ka bari ta bushe sarai, amma kada ka soka waya ko allura cikin raminta.

Ga yadda binciken ya kasance a wata a-kori-kura mai injin lita 2.5 da na duba. Direban ya ce sai yana hawa da kaya take yankewa, yana jin huci, yana kuma ganin baƙin hayaƙi. Lambar `P0299` ce. Da injin yana kashe `MAP` da `BARO` sun zo ɗaya, don haka muka wanke sensa daga zargi. Muka fita gwaji, yana tuƙi ina riƙe da na'urar. A giya ta uku, juyi kusan 2,500, kwamfuta tana neman abin da ya haura 200 kPa, amma abin da ake samu ya tsaya wajen 150, bayan daƙiƙu kaɗan kuma fitila ta kama. Babu shuɗin hayaƙi, babu kukan jiniya, baƙin mai bai ragu ba, saboda haka hankalinmu ya koma kan tiyo. Daga sama babu abin da ake gani, sai da na zura hannu ƙarƙashin gwiwar tiyon da ke fita daga intakula, yatsuna suka fito da baƙin maiƙo. Da na matsa wurin sai wata tsaga mai tsawon ɗan yatsa ta buɗe, a daidai inda tiyon ya daɗe yana gogar kan wani noti. Da aka canja tiyon aka kuma gyara zamansa, lambobin biyu suka riƙa tafiya tare.

Mataki na 6: Gyaran wucin gadi

Tiyon da ya zame daga mazauninsa shi ne mafi sauƙi. Ka goge maiƙon da ke bakinsa da na bututun sosai, domin maiƙon ne zai sa ya sake zamewa, ka tura shi ya wuce ƙullin bakin bututun, sannan ka ɗaure kilif a bayan ƙullin. Tiyon da ya tsage kuwa a goge shi, a naɗe da tef zagaye da yawa har ya wuce tsagar ta kowane gefe, a ɗora kilif a kai idan akwai. Wannan naɗin ba zai jure cikakken matsi ba, na isa gareji ne kawai. Kada a cusa komai a cikin tiyon, domin duk abin da ya ɓalle cikin injin zai tafi.

Mataki na 7: Yadda za ka tuƙa ta har wurin gyara

Yawancin motoci suna fita daga ɗingishi idan aka kashe su na ɗan lokaci aka sake tayarwa, amma hakan ba ya nufin matsalar ta tafi. Yin haka sau ɗaya domin ka bar wuri mai haɗari ba laifi ba ne. Maimaita shi duk bayan 'yan kilomita kana sake matsa wa motar shi ne ke mai da ƙaramin gyara babba, musamman idan matsin yawa yake yi, domin kowane zagaye kan injin da gasket ɗinsa ne ke shan nauyin.

Ka rage kaya idan da hali, kuma idan kana jan wani abu ka kwance shi. Ka riƙe juyin injin tsakanin 1,500 da 2,000 ko ɗan sama da haka, ƙafarka a sassauce, kana ƙara gudu sannu a hankali. Kafin ka kai gindin tudu ka sauko giya, kada ka bari injin yana nishi a babbar giya kana danna masa totur, domin a wannan hali ne kwamfuta ke neman matsi mafi yawa, kuma a nan ne hayaƙi ke yin zafi fiye da kima idan iska ta gaza. Madubinka shi ne ma'auninka, da ka ga baƙin hayaƙi ya fara fita ka ɗaga ƙafa har ya ɗauke. A mota mai otomatik ka zaɓi giya da hannu idan tana ba da dama, kuma kada ka danna totur har ya sa ta sauke giya da kanta.

Babban haɗarin ɗingishi a kan titi yake, ba a cikin injin ba. Motar da ka saba da ita ba za ta amsa ba a lokacin da ka fi buƙata, saboda haka ka haƙura da wuce kowace mota, ka tsaya a layin masu tafiya a hankali, ka jira sarari mai faɗi sosai kafin ka shiga babbar hanya ko ka tsallaka mahaɗa. Idan gudunka ya yi ƙasa da na sauran motoci da yawa, ka kunna sigina huɗu, ko ka zaɓi wata hanyar da ba a gudu a kanta ko da ta fi tsawo. A gangara ka dogara da ƙaramar giya da birkin ƙafa, domin a motocin da ke da birkin salansa yakan daina aiki a wannan yanayi.

Ka riƙa tsayawa lokaci-lokaci kana duba baƙin mai da naɗin da ka yi, kana kuma kallon allurar zafi. Idan launin hayaƙi ya juya zuwa shuɗi, ko wata sabuwar ƙara ta taso, ko juyin injin ya fara hawa da kansa, tafiyar ta ƙare a nan.

Game da nisa, ra'ayina shi ne tafiya ɗaya zuwa gareji mafi kusa, ba mako guda ana zirga-zirga ba. Dalilin ya fi ƙarfi a motocin da ke da matatar toka a salansa, wato `DPF`. Ƙarancin iska yana ninka tokar da injin ke fitarwa, kuma a motoci da yawa kwamfuta ba ta ƙona tokar da ta taru muddin akwai lambar matsala a kunne, don haka tsagar tiyo ɗaya da aka ƙyale takan ƙare da toshewar matatar.

Mataki na 8: Abin da za ka nema a gareji

Ka nuna wa bakanike hoton lambar, ka faɗa masa halin da abin ya faru da duk abin da ka taɓa. Ka nemi a yi gwajin hura iska a layin, a gwada motsin sandar tarbo, a kuma kwatanta matsin da ake nema da wanda ake samu a kan hanya, kafin a yi maganar sayen tarbo. Idan ta tabbata tarbon ce, a cire intakula a wanke man da ke ciki, a canja ko a wanke bututun da ke kai wa tarbon baƙin mai, a yi juye da sabuwar filtar mai da ta iska, sannan a zuba mai a cikin sabuwar tarbon kafin a tayar da injin. Idan lantarki ne ke jan sandar tarbon, a wasu motocin sai an daidaita ta da kwamfuta bayan ɗaurawa, don haka ka tambaya ko garejin yana da na'urar da ke yin hakan kafin a fara kwancewa.